Yadda Ake Mayar da Rubutun Shiri Takardar Kiyu Don Watsa Taro Kai Tsaye da Kyamarori Da Yawa

A rubutun wani taron ba da lambobin yabo da aka taɓa miƙo mini, ga abin da aka rubuta game da kowace lamba: "Mai gabatarwa zai gayyato wanda zai miƙa lambar. Za a nuna bidiyon 'yan takara uku. Sai a buɗe ambulan a sanar da wanda ya yi nasara, ya hau dandamali ya karɓa, ya yi godiya a taƙaice. Minti 3."

Wanda ya rubuta wannan bai yi kuskure ba, domin aikinsa shi ne ya faɗi abin da zai faru da abin da za a ce. Amma ka miƙa wa mai kyamara ta uku wannan takarda ka ga ko zai san inda zai juya. Bai san ta wane gefe mai miƙa lambar zai shigo ba, bai san kujerar da 'yan takara ke zaune ba. Mai sauti bai san lokacin da zai rufe makirufon mai gabatarwa ba. Mai sakin bidiyo kuwa yana jiran kalmar da zai ji ya danna, kuma babu ita a rubutun. Takardar kiyu ita ce ke cike wannan giɓi. Kiyu alama ce da ake bai wa ma'aikaci cewa yanzu ne lokacin aikinsa, takardar kuma jerin waɗannan alamomi ne daga buɗe shiri har rufewa, kowace da lambarta, da lokacinta, da abin da ke tayar da ita, da wanda zai aikata.

Da wannan sakin layi guda zan yi aiki har ƙarshen bayanin nan. Shirin namu zai hau iska da ƙarfe 20:00:00, dole ya sauka da 20:58:00, akwai lambobi shida da za a bayar, kuma kyamarori huɗu ne.

Kafin ka buɗe kwamfuta

Kada ka fara da tebur. Fara da zanen zauren a takarda: ga dandamali, ga mumbari, ga matakala, ga hanyar da ta ratsa tsakiyar kujeru, ga inda kowace kyamara ke tsaye. Idan da hali ka je zauren da ƙafarka. A misalinmu kyamara 1 tana can baya a tsakiya, tana ɗaukar dandamali gaba ɗaya, kuma ba ta motsi. Kyamara 2 tana kusa da ita da dogon gilashi, aikinta fuskar duk wanda ke kan mumbari. Kyamara 3 tana gefen dandamali, tana iya kallon masu hawa, tana iya juyawa ga jama'a. Kyamara 4 a kafaɗa take, tana yawo.

Ita kyamara 1 ka ɗauke ta a matsayin mafaka. Duk lokacin da abu ya rikice, darakta can zai koma ya numfasa. Saboda haka kada ka taɓa ba ta wani aiki a takardar da zai sa ta bar faɗin hotonta, ko da kana ganin tana zaune ba ta yin komai.

Daga nan ka tattara abubuwan da rubutun ya ambata amma bai ƙunsa ba: ainihin fayilolin bidiyo, sunayen mutane da muƙamansu yadda su kansu suke rubutawa, jerin makirufo da wanda zai riƙe kowanne, da kiɗan da za a sa. Abin da ba ka gani da idonka ba, kada ka sa masa lokaci.

Yanka rubutun

Yanzu ɗauki fensir ka karanta rubutun da ƙarfi, a hankali. Ƙa'idar yankan ɗaya ce: duk inda wani ma'aikaci zai yi wani abu sabo, ja layi. Mutum zai shigo, layi. Za a buɗe makirufo ko a rufe, layi. Bidiyo zai tashi, suna zai bayyana a ƙasan allo, kiɗa zai shiga, fitila za ta canja, duk layi. Jimlar rubutun ba ita ce ma'auni ba. Wata jimla guda tana ɗauke da ayyuka huɗu, wani shafi cikakke na jawabi kuma layi ɗaya ne kacal.

Sakin layinmu ya tsage gida tara: gabatarwa, shigowar mai miƙa lamba, maganarsa, bidiyo, buɗe ambulan, tahowar wanda ya ci, miƙa lamba, jawabin godiya, da sauka. Lura cewa uku daga cikinsu, shigowar mai miƙa lamba, maganarsa, da sauka, rubutun bai ma ambace su ba. Tafiya, tafi, gaisawa, gyara tsawon makirufo, ɗaukar hoton tunawa: waɗannan marubuci ba ya rubuta su domin ba magana ba ce, amma kyamara tana ganin su, agogo kuma yana ƙirga su.

Akwai kuma yankan da ya wuce kima. Na ga takardun da aka rubuta kowane canjin kyamara a cikin jawabin minti biyar, wai a sakan kaza a koma kan jama'a. Wannan ɓata tawada ne. Mai jawabi ba zai bi agogonka ba. A cikin jawabi ka rubuta wa kowace kyamara aikinta kawai, wannan fuska, wannan faɗi, wannan masu sauraro, ka bar darakta ya yanka da idonsa. Inda ake rubuta hoto bayan hoto shi ne inda abin zai maimaita kansa daidai kowane lokaci, kamar buɗe shiri ko waƙar da aka yi atisayenta.

Abin da ke tayar da kowane kiyu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne akasarin takardu ke faɗuwa. Kowane layi dole ya amsa tambaya guda: me za a ji, ko me za a gani, da zai nuna cewa lokacin layin nan ya yi? Amsar ba agogo ba ce. Agogo hasashe ne, yana gaya maka ko kana gaba ko kana baya. Sau biyu kawai agogo ke ba da umarni a shiri irin wannan: hawa iska da sauka, sai kuma idan tasha ta kafe lokacin talla.

Amsar ita ce kalmomin ƙarshe na abin da ya gabata, a rubuce daidai yadda za su fito daga baki. Idan ka rubuta "bayan gabatarwa", ba ka ce komai ba, domin mai sakin bidiyo zai yi ta canki-canka duk lokacin da mai magana ya ja numfashi. Rubuta "…bari mu ga 'yan takararmu." Kalma uku zuwa biyar sun isa. Sannan ka je ka sami mai miƙa lambar ka gaya masa cewa duk abin da zai ƙara daga bakinsa ya ƙara, amma da wannan jimla zai rufe, kuma kada ya faɗe ta kafin nan. Ka duba rubutun kuma ka tabbata jimlar ba ta zo sau biyu ba. Idan mai miƙa lambar yana da "'yan takararmu" a tsakiyar zancensa, sannan ga ta a ƙarshe, wata rana bidiyo zai tashi a kan ta farko ya yanke masa magana. Canja ɗaya daga cikinsu.

Inda babu magana, alamar gani ce, kuma ita ma sai an fayyace. "Idan ya iso" ba alama ba ce. "Ƙafarsa a matakalar farko" alama ce. "Hannunsa ya kama lambar" alama ce. Manajan dandamali, wanda yake tsaye a wurin da na'urar magana a kunne, shi ne idon ɗakin sarrafawa a kan abin da kyamara ba ta nuna ba, don haka ka rubuta a layin cewa shi zai ce "ya taso".

Bidiyo yana da nasa hukunci. Ka kalli kowane fayil daga farko har ƙarshe da agogon awo a hannu. Fayil ɗinmu kwamfuta ta ce tsawonsa 1:18 ne, amma da aka kalla, sakan 3 na farko baƙin allo ne, sakan 5 na ƙarshe kuma hoto ne tsaye bayan magana ta ƙare. Abin da zai hau iska 1:10 ne, shi za ka rubuta. Baƙin farko a yanke shi ko a ajiye bidiyon a kan hoton farko na gaske. Wutsiyar ƙarshe kuwa a bar ta, tana da amfani: idan darakta ya makara da sakan ɗaya, mai kallo hoto zai gani, ba duhu ba. Sai ka rubuta kalmomin ƙarshe na bidiyon da hotonsa na ƙarshe, domin mai riƙe lokaci zai ƙirga sakan goman ƙarshe da baki, kuma kowa yana so ya ji kalmar da ta tabbatar da ƙirgar.

Lokaci na gaskiya

Duk maganar da aka rubuta, ka karanta ta da baki da saurin mai jawabi a gaban jama'a, ba saurin mai karatu a zuci ba, ka auna. Mutum a kan mumbari yana dakatawa, yana jiran tafi, yana ɗaga kai. Duk tafiya kuma ka taka ta da ƙafarka daga kujerar zuwa mumbari, kamar mai sanye da kayan biki da zai tsaya gaisawa a hanya, ba kamar ma'aikaci mai sauri ba.

Ga abin da awon ya ba mu, idan wannan lamba za ta fara da 20:12:00. Harafin K yana nufin kyamara, "suna" mai lamba kuma sunan da zai fito a ƙasan allo ne.

| Lamba | Agogo | Tsawo | Abin da ke tayar da shi | Hoto | Sauti |
|---|---|---|---|---|---|
| 21 | 20:12:00 | 0:20 | tafin baya ya lafa | K2 mai gabatarwa | makirufo 1 |
| 22 | 20:12:20 | 0:15 | "…mu tarbe shi da tafi" | K3 shigowa, K1 | kiɗa 4, rufe makirufo 1 |
| 23 | 20:12:35 | 0:25 | ya tsaya a mumbari | K2, suna 40 | makirufon mumbari, sauke kiɗa |
| 24 | 20:13:00 | 1:10 | "…mu ga 'yan takararmu" | bidiyo 3 | sautin bidiyo, rufe mumbari |
| 25 | 20:14:10 | 0:15 | "…ɗaya zai ɗauka" | K2 ambulan | makirufon mumbari |
| 26 | 20:14:25 | 0:35 | an faɗi suna | K4 bin mai nasara, K1 | kiɗa 5, tafin zaure |
| 27 | 20:15:00 | 0:20 | ƙafarsa a matakala | K3 miƙa lamba | kiɗa ƙasa-ƙasa |
| 28 | 20:15:20 | 0:45 | ya fuskanci makirufo | K2, suna 41, 42 ko 43 | mumbari, kashe kiɗa |
| 29 | 20:16:05 | 0:15 | "na gode" da tafi | K1, K4 jama'a | kiɗa 5, buɗe makirufo 1 |

Haɗa tsawon. Minti 4 da sakan 20 ne, ba minti 3 ba. Bambancin 1:20 ne a lamba ɗaya, kuma lambobi shida ne, wato minti 8 cif da babu su a lissafin furodusa. Wannan shi ne babban abin da takardar kiyu ke tonowa, kuma gara a tono shi kwana biyu kafin taro da a gan shi da ƙarfe 20:50 ana kan iska. Ka kai wa furodusa lissafin tun da wuri, shi zai zaɓa: a rage bidiyoyi, a haɗa lambobi biyu a hannun mai miƙawa ɗaya, ko a cire wani sashe. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rage lokutan da aka rubuta a takarda don jimla ta dace, alhali matakalar tana nan da tsawonta.

Layi na 28 shi ne wanda ba ya hannunka. Mutumin da ya ci lamba yana cikin farin ciki, sakan 45 ba komai ba ne a wurinsa. Ka rubuta matakin da za a ɗauka a cikin layin kansa: a sakan 35 manajan dandamali ya ɗaga masa hannu, a sakan 50 kiɗa ya fara shigowa a hankali. A sanar da duk 'yan takara wannan tun kafin taro, domin kada wani ya ji an wulaƙanta shi a gaban jama'a.

Idan a Excel kake ginawa, ka kula da tarko guda. Ka rubuta `1:10`, zai ɗauka awa ɗaya da minti goma ne. Sai ka rubuta `0:01:10`, ka sa tsarin gidajen ya zama `h:mm:ss`. Idan agogo yana ginshiƙin B, tsawo yana C, to a B3 ka sa wannan, ka ja shi har ƙasa:

```
=B2+C2
```

Da haka duk tsawon da ka canja, sauran shirin zai gyara kansa.

Lissafi daga ƙarshe

Ginshiƙin agogo yana gaya maka lokacin da kake fatan isa kowane layi. Akwai ginshiƙi na biyu da ya fi shi amfani a kan iska, wanda ke gaya maka lokacin da dole ka isa layin idan kana so ka sauka daidai. Ana samun sa ta farawa daga lokacin sauka ana debewa zuwa sama.

Ƙarshen shirinmu haka yake: waƙa 3:30, hira da baƙi a cikin zaure 1:30, lamba ta ƙarshe 4:20, sallama 0:30, kiɗan rufewa da sunayen ma'aikata 0:45. Sauka 20:58:00 ne. Don haka kiɗan rufewa dole ya tashi da 20:57:15, sallama da 20:56:45, lamba ta ƙarshe da 20:52:25, hira da 20:50:55, waƙa da 20:47:25. A teburin, idan wannan ginshiƙi D ne, layin ƙarshe lokacin sauka ne a debe tsawonsa, sauran kuma kowanne yana duban na ƙasansa. A D2 ka sa wannan, ka ja shi ƙasa ka tsaya kafin layin ƙarshe:

```
=D3-C2
```

Yanzu a ce ana kan iska, mawaƙi ya hau da 20:48:40. Mai riƙe lokaci ya dubi takarda, ya ga 20:47:25, nan take ya san an makara da 1:15, ba sai ya haɗa komai ba. Ya gaya wa furodusa, furodusa ya ce a jefar da hira. An dawo da 1:30, an samu rarar sakan 15 da mai gabatarwa zai cinye a sallama. Duk wannan shawara ta ɗauki ɗan lokaci kaɗan ne domin tun a ofis aka yi wa layin hira alamar cewa ana iya jefar da shi.

Saboda haka ka tanadi irin waɗannan layuka, biyu ko uku, kuma ka ajiye su a kashi na ƙarshe na shirin. Layin da za a iya jefarwa da ke minti na goma ba shi da amfani, domin a lokacin ba ka san za ka makara ba. Ka kuma rubuta wa mai gabatarwa jimlar da zai haɗa waƙa da lamba ta ƙarshe kai tsaye idan hira ta faɗi, in ba haka ba zai fito ya ce "yanzu bari mu ji daga baƙinmu" alhali kyamara 4 ta riga ta bar wurin. Haka nan ka tanadi abin cikewa na minti ɗaya idan shiri ya yi gajarta, ko da yake wannan bai cika faruwa ba a taron da ake ba mutane makirufo.

Wani abu kaɗan: idan kana so teburin ya nuna maka makara da kansa, Excel yana nuna `#####` idan lokaci ya fita ƙasa da sifili. Ka mayar da bambancin zuwa sakan, ka sa gidan ya zama lamba zalla. Idan ainihin lokacin da aka isa layin yana E:

```
=(E2-D2)*86400
```

Bi kowace kyamara ita kaɗai

Takarda tana iya yin kyau idan ana karanta ta layi-layi, amma ta gagara a zaure. Hanyar ganewa ita ce ka ɗauki kyamara ɗaya ka bi ta daga sama har ƙasa, kana tambaya: ina take a wannan layi, ina ake son ta a na gaba, kuma sakan nawa ke tsakani?

Ɗauki kyamara 3. A layi na 25 muna son ta a kan fuskokin 'yan takara suna jira. A layi na 27 muna son ta a kan miƙa lamba. Tsakaninsu akwai sakan 35 na layi na 26, sun ishe ta ta juya, ta daidaita hoto, ta tsayar da shi. Amma sharaɗin shi ne darakta ya sake ta da zarar an faɗi suna, kada ya riƙe ta a kan masu tafi. Don haka a layi na 26 hotunan da aka yarda a yi amfani da su 4 da 1 ne kawai, kuma a rubuta a fili: "K3 tana komawa dandamali." Kyamarar da ke kan iska ba ta ƙaura, kuma kyamarar da ke ƙaura ba a yanko ta. Ita kuwa kyamara 4, bidiyon layi na 24 shi ne damarta: sakan 70 ba a ganin zaure, a nan za ta taka zuwa wurin 'yan takara. Bidiyo da talla su ne lokacin ƙaura, na kyamara da na kujeru da na duk abin da ba a so a gani.

Wannan bibiya ce ta fito da matsalar da ba wanda ya lura da ita a misalinmu. 'Yan takara uku ne, an zaunar da su wuri uku daban-daban. Kyamara 2 tana kan ambulan, kyamara 1 ba ta motsi, saura biyu. Idan na ukun ne ya ci, babu kyamarar da ke kansa a sakan ɗin da aka kira sunansa, kuma wannan sakan shi ne hoton da aka yi taron dominsa. Maganin ba ƙarin kyamara ba ne. An je wurin mai tsara zama aka ce 'yan takarar kowace lamba su zauna jere ɗaya, a bakin hanyar tsakiya. Kyamara 3 ta ɗauke su su uku a hoto guda, kyamara 4 ta tsuguna kusa tana jiran suna. Tafiyar ma ta ragu, tunda ba mai ratsa gwiwoyin mutane kafin ya fito. Lambar kujerar kowa ta shiga takardar.

Ka yi irin wannan bibiya ga sauti. Bi makirufo 1 na mai gabatarwa: an buɗe a 21, an rufe a 22, an sake buɗewa a 29. Duk makirufon da ka ga an buɗe ba ka ga inda aka rufe ba, ka sani zai bi mai shi bayan labule, kuma duk abin da ya faɗa can zai fita iska. Sannan sunayen allo: tunda ba a san wanda zai ci ba, an shirya uku, 41, 42 da 43, kuma a takardar mai rubutun allo kowane suna yana gefen lambarsa, ya ji suna ya zaɓa, darakta ya gan shi a allon gwaji kafin ya hau. Sunan ya tsaya gwargwadon yadda mutum zai karanta shi sau biyu ba gaggawa, kuma kada a ɗora shi sai hoton kyamara 2 ya tsaya.

Lambobi ba sa canjawa

Da zarar an raba takardar ga ma'aikata, lambar layi ta zama suna. Idan an ƙara abu tsakanin 24 da 25, sunansa 24A. Idan an cire 30, a soke shi da layi a bar lambar, 31 ya ci gaba da zama 31.

Na koyi wannan da ciwo. A wani taro an ƙara mai jawabi ɗaya da yamma, na saka shi, na bar kwamfuta ta sake jera lambobi, na buga sabuwa na raba. Mai rubutun allo yana can yana gyaran wata na'ura, sabuwar ba ta kai hannunsa ba. Da aka kira lambar layi, ya ɗora abin da tsohuwar takarda ta ce, sunan wani ya fito ƙarƙashin fuskar wani dattijo, a gaban iyalinsa da ke kallo a gida. Sakan kaɗan ne, amma har yau ina jin nauyinsa. Tun daga ranar, kowane shafi nawa yana ɗauke da lambar bugu da lokacin da aka buga shi a sama, bugun ƙarshe a takarda mai launi dabam, kuma kafin a hau iska ina tambayar kowa ta na'urar kunne, ɗaya bayan ɗaya, wane bugu ke hannunsa. Tsofaffin ina karɓe su da hannuna.

Babbar takardar ta darakta ce da furodusa da mai riƙe lokaci da mai canja hoto da manajan dandamali. Mai kyamara ba ya iya riƙe shafi goma yana aiki. A ciro masa nasa a ƙaramin kati da manyan haruffa, wanda zai manna a jikin kyamara: lambar layi, abin da zai ɗauka, inda zai koma bayan nan. Katin kyamara 4 zai ce: 24, tafi jere na biyu, kujera 5 zuwa 7, 26, bi mai nasara har matakala, kada ka hau, 29, juyo ga jama'a.

Gwaji da ranar aiki

Gwajin farko a zaune ake yi. Kowa ya sa na'urar kunne, a karanta takardar daga layi na ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai yi a layin. Inda mutum biyu suka yi shiru suna jiran juna, alamar layin ba ta fito ba, gyara ta nan take. Gwaji na biyu a zaure, da wasu da za su tsaya a madadin baƙi, a taka kowace tafiya, a saki kowane bidiyo har ƙarshensa, a ɗora kowane suna a allo wani ya karanta shi harafi-harafi yana kwatanta shi da jerin asali. Jawabai ba sai an karanta duka ba, farko da kalmomin ƙarshe sun wadatar.

A nan kuma ake daidaita yadda za a kira kiyu. Kowane kira gida biyu ne, shiri sannan umarni, kuma kalmar umarni ita ce ta ƙarshe a baki. "Bidiyo 3, shirya." Sai jimlar ta zo: "Bidiyo 3, saki." Idan darakta ya fara da "saki", hannaye uku za su motsa kafin a ji wanda ake nufi. Ko da wane harshe ƙungiyarku ke aiki, ku tsayar da kalma ɗaya ta umarni, kada wani ya furta ta a na'urar kunne cikin hira. A takardar darakta ka sa ƙaramar alama layi ɗaya sama da kowane bidiyo da kowane suna, wurin da zai ce a shirya.

Kafin hawa iska, a daidaita agogon ɗakin sarrafawa da na tashar da za ta karɓi shirin, har zuwa sakan, domin duk lissafin da ka yi daga ƙarshe a kan agogonsu ya dogara. Sannan mai riƙe lokaci ya zauna da fensir, ginshiƙi ɗaya a buɗe a gefen dama na takardarsa. Duk layin da aka shiga ya rubuta ainihin lokacin, ya kwatanta da na dole, ya faɗa a taƙaice a ƙarshen kowane sashe: "mun makara da sakan 40," ko "muna gaba da 15." Bayan lamba ta farko ya duba abin da ta ci a zahiri. Idan 4:50 ta ci maimakon 4:20, sauran biyar ma kusan haka za su ci, wato minti biyu da rabi na nan tafe a kan sakan 30 da aka riga aka rasa, kuma furodusa ya ji wannan tun ƙarfe 20:17, lokacin da layukan da za a iya jefarwa duk suna gaba.